Tikitin naira 200, nawa ne kuɗinsa na gaskiya?

Toh jama'a ku kalli allon nan. An buga tikiti 1000, kowanne naira 200, mutum ɗaya zai ci dubu 50, mutum 4 dubu biyar-biyar, mutum 45 dubu ɗai-ɗai, sauran 950 kuma ko sisi. Ba caca na zo koya muku ba fa, kar wani ya ce malam ya lalace, lissafin cikinta muke so.

Abin da tikitinka zai ciyo mu sa masa suna X. Ba mu san me zai fito ba sai an ja ƙuri'a, amma dai ba zai wuce ɗayan huɗun nan ba, 50,000 ko 5,000 ko 1,000 ko sifili, babu wani abu a tsakani, ana iya ƙirga su da yatsa.

Nan ɗalibai suke faɗawa rami, sai ka ga yaro ya haɗa huɗun ya samu 56,000 ya raba da 4 ya ce ai dubu 14 ne. Haba! Tikitin 200 ya kawo dubu 14, wa zai sayar maka? Ya ɗauki sifili da dubu 50 kamar nauyinsu ɗaya, alhali sifili sau 950 yake cikin akwatin, dubu 50 kuwa sau ɗaya tal.

Kowace kyauta sai an auna ta da yiwuwar fitowarta, shi ne wannan da kuke gani:

E(X) = Σ x · P(x)

E(X) shi ne abin da ake tsammani tikiti ɗaya ya ciyo, wato kyauta sau yiwuwarta, sai a tara. Dubu 50 sau 1 bisa 1000, naira 50. Dubu 5 sau 4 bisa 1000, naira 20. Dubu 1 sau 45 bisa 1000, naira 45, ku duba fa, ƙaramar kyautar da ake rainawa saura kaɗan ta kamo babbar, yawan masu cinta ne ya ɗaga ta. Sifili kuwa ko sau nawa ne sifili ne. Jimla 115.

Kafin ka yarda da amsarka tara yawan tikitin, 1 da 4 da 45 da 950, dole su cika 1000 cif, in ba su cika ba ka manta wani, yawanci ma sifilin ake mantawa.

Toh ka biya 200, abin da ake tsammani 115, asarar 85 kenan a kan kowane tikiti. Amma fa ba wanda zai je gida da 115, babu ita ma cikin kyaututtukan, in tikiti ɗaya ka saya kashi 95 cikin 100 hannu rabbana za ka koma. Sai da yawa take bayyana. A ce wani alhaji ya saye duka dubun, ya zuba 200,000, ya kwashe duk kyaututtukan har babbar, ya ƙirga ya ga 115,000, dubu 85 ɗinsa na aljihun mai tikiti.