Daga Silabas Zuwa Katunan Bita: Lissafin da Ake Yi Tun Makon Farko

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Na ga wasunku sun zo da takardar silabas kamar yadda na roƙa, to ku ajiye ta a gabanku, da ita za mu yi aiki.

Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farko, sannan ta rage gudu. Abin da ka koya yau, gobe ne ya fi fuskantar haɗari. In ka tuno shi gobe, zai iya jure kwanaki kafin ya sake neman kuɓucewa, in ka sake tuno shi kuma ya jure makonni. A kan wannan aka gina bita mai tazara. Sebastian Leitner ya tsara ta da akwatunan kati, kowane kati tambaya a gaba amsa a baya, a 1972, Piotr Woźniak ya mayar da ita lissafin kwamfuta mai suna SM-2 a 1987, manhajar Anki da yawancinku ke da ita a waya kuma daga wannan lissafin ta samo asali. Tarihin ke nan, ya ishe mu.

Abin da ya kawo ni shi ne wannan: duk sabon kati da ka buɗe bashi ka ci. Yau ka gan shi sau ɗaya, amma zai dawo maka gobe, ya dawo mako mai zuwa, ya dawo wata mai zuwa. Ɗalibi yakan zauna daren farko da zumuɗi ya buɗe kati tamanin, washegari ya ƙara tamanin, kafin mako uku ya tarar da ɗaruruwa suna jiransa kowace safiya, sai ya goge manhajar ya ce ba ta aiki. Alhali lissafi ne bai yi ba. Masu Anki da kansu sun faɗa a littafin jagorarsu cewa wanda ke buɗe sabon kati 20 kullum ya sa ran bitarsa za ta kai wajen 200 a rana. Wato ninki goma. Ku riƙe wannan adadin.

To mu ɗauki misali. Ga ɗaliba da kwas huɗu, kowanne ana koyar da shi mako 12, jarrabawa kuma a ƙarshen mako na 14. Tambayar da za ta fara yi wa kanta ita ce: minti nawa zan iya ba wa bita kullum, har ranar da na gaji, har ranar da nake da gwaji? A ce ta ce minti 35. Idan kati ɗaya yana cin daƙiƙa 10, minti 35 zai ɗauki kati kusan 200. Raba 200 da goma, ka sami sababbi 20 a rana. Raba su ga kwas huɗu, kowanne ya sami 5 a rana, wato 35 a mako, 420 a zangon gaba ɗaya.

Na ga fuskokinku. Talatin da biyar a mako, laccar awa uku? E, haka ne. Kuma wannan ƙuncin shi ne amfanin lissafin, domin shi zai tilasta mata ta zaɓa. A nan silabas ke shigowa. Ta duba abin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane mako, musamman inda malami ya ce ana so ɗalibi ya iya kaza da kaza, ta duba makin da aka ba kowane sashe. Makon gabatarwa wataƙila kati 10 sun ishe shi. Makon da ke cike da sunaye da ma'anoni zai iya cin 60. Jimillar dai kada ta wuce 420. Ta rubuta adadin a gefen kowane mako da fensir, tun kafin a fara karatu.

Akwai kuma abin da bai kamata ya zama kati ba sam. In kwas ɗin na lissafi ne, ƙa'ida da sharuɗanta za su shiga kati, amma warware tambaya sai da biro da takarda. Kati yana riƙe maka abin da ka riga ka fahimta. Abin da ba ka gane ba a aji, in ka zuba shi a kati, haddar aku za ka yi.

Yanzu yadda za a jera katunan. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya buɗe ƙunshi daban ga kowane mako: mako na ɗaya, mako na biyu, har sha biyu, a kwas huɗu ƙunshi 48. Matsalar ita ce in ka buɗe ƙunshin mako na uku, ka riga ka san amsar tana cikin darasin mako na uku, an ba ka rabin amsa ke nan. Jarrabawa kuwa ba ta gaya maka makon da tambaya ta fito. Don haka ƙunshi ɗaya ga kowane kwas, sannan kowane kati a manna masa laƙabi biyu, na mako da na maudu'i. Duk ranar da ake buƙatar mako ɗaya shi kaɗai, misali gwaji ya taso, sai a rubuta a wurin bincike:

```
deck:Halitta tag:mako03
```

Ku lura na sa 03, domin jerin ya tafi daidai idan an kai mako na goma.

Shi kansa katin fa? A ce mako na uku darasin zuciya ne. Ɗalibarmu ta rubuta: "Bayyana yadda jini ke zagayawa a zuciya." Wannan tambayar jarrabawa ce, ba ta dace da kati ba. Za ta ci minti biyu, kuma in ta tuna rabi ta manta rabi, me za ta danna a manhajar, maɓallin tunawa ko na mantawa? Sai ta fasa shi. Ɗakuna nawa ne a zuciya? Huɗu. Jinin da ya dawo daga huhu wane ɗaki yake shiga? Na sama na hagu. Wane ɗaki ne ke tura jini zuwa sauran jiki? Na ƙasa na hagu. Kowanne amsa ɗaya, ko ka sani ko ba ka sani ba. Daƙiƙa goman da muka yi lissafi da ita, sai da irin waɗannan katunan take tabbata.

Ga wurin da nake so ku natsu sosai. A tsarin SM-2, katin da ake amsawa daidai yana dawowa bayan kwana 1, sannan bayan 6, daga nan ana ninka tazarar da kusan 2.5, ta zama 15, ta zama 38. Anki ya ɗan bambanta a matakan farko, sabon tsarinsa na FSRS ma yana da nasa lissafin, amma siffar ɗaya ce. Katin da ɗalibarmu ta koya rana ta 1 zai dawo rana ta 2, ta 8, ta 23, ta 61. Sau huɗu ke nan kafin jarrabawar da ke rana ta 98. To katin mako na 12 fa, wanda ta koya rana ta 80? Zai dawo rana ta 81 da ta 87, na gaba kuma sai rana ta 102, an riga an fito daga jarrabawa. Sau biyu kacal.

Kun ga ke nan darussan ƙarshe su ne marayu, ga shi sau da yawa su ne masu wuya. Manhajar ba ta san ranar jarrabawarka ba, kai da silabas ne kuka sani. Abu biyu za ta yi. Na farko, kada ta bari katunan wani mako su tsallaka zuwa na gaba, domin duk jinkiri kan makonnin ƙarshe yake taruwa. Na biyu, mako na 13 da na 14 babu sabon kati ko ɗaya. Lokacin da ya samu sai ta ba makonni uku na ƙarshe ƙarin zagaye ta hanyar `Custom Study`, wato zaɓin Anki da ke ba da damar bin kati kafin ranarsa ta zo, sauran kuma ya tafi ga tsofaffin tambayoyin jarrabawa.

Sai bitar mako. Mutane suna ɗauka ita ce a zauna a sake bin duk katunan makon. A'a, wannan aikin bitar kullum ne, kuma yin hakan yana rushe tazarar da ake nema. Bitar mako zama ne na gyara, awa ɗaya a rana tsayayya. Ta fara da neman katunan da suka kayar da ita a kwana bakwai da suka wuce:

```
rated:7:1
```

A ce 18 suka fito. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, me ya sa? Za ta tarar wasu sun yi tsawo, a fasa su. Wasu biyu suna kama da juna tana rikita su, kamar ɗakin hagu da na dama, sai ta rubuta kati na uku da ke tambayar bambancinsu kai tsaye. Wasu kuma darasin ne ba ta gane ba, waɗannan littafi za ta koma ko ta tambayi malami, ta dakatar da katin har sai ta gane. Anki yana yi wa kati alamar `leech` idan ya kayar da kai sau 8, amma a zangon mako 14 jiran takwas ɓata lokaci ne. Ni a ganina na huɗu ya isa a tsaya a duba shi.

Bayan haka ta ɗora silabas kusa da laƙabobinta. Akwai maudu'in da aka koyar ba shi da kati ko ɗaya? Malami ya yi gaba ko ya yi baya da jadawalin? Sai ta gyara adadin da ta rubuta da fensir. A ƙarshe ta duba lokaci. In bitar kullum ta haura minti 35 kwana uku a jere, mako mai zuwa sababbi su sauka daga 20 zuwa 12.

Na ga hannu a baya. Bismillah.

"Malam, in mutum ya yi rashin lafiya kwana uku, ya dawo ya tarar da wajen ɗari shida fa?"

Madalla, wannan zai faru da kusan kowa. Ka mayar da sababbi sifili nan take. Ka yi na ranar, ka ƙara kamar 100 daga tarin kullum, cikin mako guda za ka fita. Kada ka goge tarihin katunan ka fara daga farko, domin katin da ka tuna duk da jinkirin, manhajar za ta ƙara masa tazara, ribarka ce. Kuma don Allah, a irin wannan hanzarin ne mutane ke danna `Hard` ga abin da suka manta ƙarara. `Hard` na nufin ka tuna da ƙyar. In ka manta, `Again` za ka danna, in ba haka ba manhajar za ta ɗauka ka sani ta tura katin gaba, sai a ɗakin jarrabawa ku haɗu. Katunan sababbin darussan da ake koyarwa kana cikin rage tarin kuwa, ka rubuta su a ranar laccar kamar kullum, ka bar su a dakace, ka riƙa sakin 25 a rana maimakon 20 idan tarin ya ƙare.

To yanzu kowa ya ɗauko silabas ɗinsa da fensir. Ku fara da rubuta ranar jarrabawa a sama, ku ƙirga mako biyu baya ku ja layi. Zan zagaya in ga adadin da kowa ya samu.