Rijiyar Delta: Yanayi Ɗaya Tak, da Karyewar Gangaren ψ

Ku dubi zanen da ke kan allo. Layi ya taso daga hagu yana hawa a hankali, ya zo tsakiya ya yi tsini, sannan ya gangara dama kamar yadda ya hau. Wannan shi ne ψ, webfankshin ɗin elektiron da aka kama a rijiyar delta. Duk wanda ya fara karatun kwantam an koya masa cewa ψ ba ya tsinkewa, gangarensa ma ba ya tsinkewa. To ga shi nan gangaren ya karye a tsakiya, kuma zanen daidai yake. Wannan karyewar ce za mu bi a yau, domin daga cikinta ake samo makamashin elektiron ɗin.

Mu fara da rijiyar. Ku ɗauki rijiya ta fotenshal irin wadda kuka saba, mai faɗi a da zurfi V₀. Ku rage faɗin zuwa rabi, ku ninka zurfin. Ku sake, ku yi ta sakewa. Faɗi yana tafiya zuwa sifili, zurfi yana tafiya ba iyaka, amma faɗi sau zurfi bai canza ba. Wannan adadin da bai canza ba shi muke kira α, ƙarfin rijiyar. Abin da ya rage a ƙarshe ana rubuta shi haka:

V(x) = −α δ(x)

Paul Dirac ne ya shigo da δ cikin lissafin kwantam a ƙarshen shekarun 1920, kuma masana lissafi ba su samu natsuwa da shi ba sai da Laurent Schwartz ya kafa masa tushe a shekarun 1940. Mu dai abu ɗaya muke bukata daga gare shi: sifili ne a ko'ina in ban da x = 0, kuma filin da ke ƙarƙashinsa ɗaya ne cif. Saboda haka in ka ninka δ(x) da wani fankshin, ka tara a kan yankin da ya haɗa da sifili, abin da zai fito shi ne darajar fankshin ɗin a sifili. Ku lura da awon α: makamashi ne sau tsayi. Ɗalibai da yawa suna ɗaukarsa makamashi zalla, daga nan lissafinsu ya lalace tun ba a je ko'ina ba.

Muna neman ɗaurarren yanayi, wato wanda elektiron ba zai iya tserewa nesa ba, don haka makamashinsa E ƙasa yake da sifili. A hagu da dama babu fotenshal ko kaɗan, sai lissafin Schrödinger ya zama mai sauƙi:

ψ″ = κ²ψ, κ = √(−2mE)/ħ

Amsoshinsa biyu ne, ɗaya mai hauhawa ɗaya mai raguwa. A kowane ɓangare sai mu jefar da wanda ke kumbura in an yi nisa, domin ba zai yiwu yiwuwar samun elektiron ta yi ta ƙaruwa har abada ba. Kuma ψ kansa dole ya haɗu a tsakiya. Sai ɓangarorin biyu su dunƙule su zama abu guda:

ψ(x) = A e^(−κ|x|)

Yanzu ga matsalar. Gangaren ψ dab da sifili ta hagu shi ne +κA, ta dama kuwa −κA. In kuka dage sai sun zo ɗaya, to ko dai κ sifili ne ko A sifili ne, ka ga babu yanayi ke nan. Har zuwa nan kuma ba mu taɓa α ba, alhali shi ne rijiyar.

A nan ya kamata mu tambaya daga ina dokar rashin tsinkewar gangare ta fito tun asali. Daga lissafin Schrödinger ɗin kansa ta fito. Lissafin yana gaya mana yadda ψ ke lanƙwasa a kowane wuri, kuma lanƙwasar ta dogara da V − E. In fotenshal yana da iyaka, lanƙwasar tana da iyaka, kuma a ɗan taki ƙanƙani gangare ba zai iya canzawa sosai ba. Amma a rijiyar delta lanƙwasar ba ta da iyaka a wuri ɗaya, sharaɗin dokar ya faɗi, don haka dokar ba ta hau kanmu ba.

Ku tuna igiyar shanya da aka ɗaure tam tsakanin bango biyu. In kuka baza kaya a kanta, za ta lanƙwasa a hankali. In kuwa kuka rataya bokitin ruwa da ƙugiya a wuri ɗaya, igiyar ba za ta tsinke ba, amma za ta yi kusurwa daidai inda ƙugiyar take, kuma gwargwadon nauyin bokitin gwargwadon kaifin kusurwar. Haka ψ yake yi a bakin rijiyar delta.

Bari mu auna kusurwar. Mu ɗauki lissafin Schrödinger gaba ɗaya mu tara shi daga −ε zuwa +ε, ɗan yanki siriri da ya rungume sifili. Kashi uku ne a ciki. Tara ψ″ yana ba mu gangaren dama a cire gangaren hagu. Kashin delta yana tsamo ψ(0) sau α. Kashin Eψ kuwa adadi ne mai iyaka sau faɗin da ke tafiya sifili, sai ya ɓace. Abin da ya saura:

ψ′(0⁺) − ψ′(0⁻) = −(2mα/ħ²) ψ(0)

Ku tsaya a kan wannan layin, domin shi ne zuciyar darasin. Gangare yana tsalle, amma ba tsallen ganin dama ba. Girman tsallen ya rataya a kan abu biyu, ƙarfin rijiyar da tsayin ψ a bakinta. Alamar ragewa tana cewa in ψ(0) yana sama da sifili, gangaren zai faɗi ƙasa in an tsallaka, wato tsinin yana kallon sama kamar yadda muka gani a zanen.

Yanzu mu zuba namu. Gangaren dama a cire na hagu ya ba mu −2κA, kuma ψ(0) shi ne A. A ya fita daga ɓangarorin biyu, sai:

κ = mα/ħ²

E = −mα²/(2ħ²)

In kuka bukaci jimillar yiwuwa ta zama ɗaya, za ku samu A = √κ.

Me ya sa yanayin ɗaya ne tak? Ku duba lissafin da ya ba mu κ. A rijiya mai faɗi, lissafi irin wannan yana ɗauke da tanjent, yana maimaita kansa, shi ya sa ake samun matakai da yawa. A nan babu maimaici, amsa ɗaya ce, kuma tana nan komai ƙanƙantar α muddin rijiyar ja take yi. Wani zai ce, ina yanayi na biyu, wanda ke ratsa sifili a tsakiya, rabi a sama rabi a ƙasa? Ku gwada shi. In ψ(0) sifili ne, tsallen ma sifili ne, elektiron bai ma san akwai rijiya ba. Kuma da e^(κx) a hagu, e^(−κx) a dama, ba yadda za a yi ψ ya zama sifili a tsakiya sai ya zama sifili a ko'ina. Yanayi na biyu yana bukatar sarari a cikin rijiyar da zai juya, ita kuwa ba ta da faɗi.

In kuka juya alamar, rijiyar ta koma katanga mai turewa, sharaɗin zai nemi κ ya zama ƙasa da sifili. Wannan na nufin ψ mai kumbura a nesa, wanda muka riga muka jefar. Katangar delta ba ta ɗaure komai. Don haka in kuna warware tambaya kuka ga κ ya fito da alamar ragewa alhali rijiya aka ba ku, ku koma kan sharaɗin tsallen, galibi can alamar ta kuɓuce. Kuskure na biyu da ake yawan yi shi ne manta cewa tsallen 2κA ne, ba κA ba. Wanda ya manta zai samu makamashi ninki huɗu na gaskiya, saboda κ sau kansa ne ke shiga E.

Bari mu sa lambobi, mu ga ko wannan rijiyar ta takarda tana faɗin gaskiya game da rijiya ta ainihi. Ga elektiron, ħ²/2m kusan 0.038 eV·nm² ne. Mu ɗauki rijiya mai zurfin 1 eV da faɗin nanomita 0.1. Ƙarfinta α zai zama 0.1 eV·nm. Daga nan κ ya fito kusan 1.3 a kowace nanomita, wato ψ yana raguwa a kan tazarar kusan nanomita 0.76 ta kowane gefe. Makamashin kuma kusan −0.066 eV.

Ku kwatanta lambobin nan da idonku. Faɗin rijiyar 0.1, shimfiɗar ψ kuwa 0.76 hagu, 0.76 dama. In kuka lissafa yiwuwar samun elektiron a cikin rijiyar kanta, kusan kashi 12 cikin 100 ce kawai. Sauran yana waje, a yankin da ƙwallo na yau da kullum mai makamashi ƙasa da sifili ba zai taɓa takawa ba. Duk da haka a ɗaure yake. A ganina wannan ne abin da ya fi cancanta ɗalibi ya tsaya ya yi tunani a kai a darasin nan, fiye da haddace E. Kuma shi ne dalilin da ya sa kwatancin delta ke aiki: ψ bai canza sosai ba a faɗin rijiyar, don haka bai damu da siffarta ba, faɗi sau zurfi kawai yake ji.

In aka warware ainihin rijiyar mai faɗin 0.1 ba tare da kwatanci ba, ana samun kusan −0.060 eV. Delta ya ce −0.066. Bambancin kusan kashi 10 cikin 100, kuma delta ne ya zarce wajen zurfi, saboda ya tattara duk jan a daidai inda ψ ya fi tsayi.

Yanzu ku bar zurfin a 1 eV, ku faɗaɗa rijiyar zuwa nanomita 1. α ya ninku sau goma, makamashin delta ya ninku sau ɗari, ya koma kusan −6.6 eV. Amma gindin rijiyar yana −1 eV ne, kuma ɗaurarren yanayi ba ya sauka ƙasa da gindin rijiyarsa. Kwatancin ya rushe. Tun kafin a kai ga E ma za ku iya ganewa: ku ninka κ da faɗin rijiyar. A misalin farko 0.13 ya bayar, ƙasa da ɗaya sosai. A na biyu 13 ya bayar. In wannan adadin ya doshi ɗaya, ku ajiye delta, ku warware rijiyar da faɗinta, ku haɗa ψ da gangarensa a kowane bango kamar yadda kuka saba.