Sharhi: Ƙwaya uku a wata, tun daga watan huɗu na ciki

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin magidanta: "Ai lafiyarta ƙalau, me za ta je yi asibiti?" Da wannan maganar ake zaunar da mai ciki a gida har wata bakwai ko takwas, sai ƙafa ta kumbura, ido ya yi fari fat, sannan a nemi mai Keke Napep.

To, maigida, zazzaɓin cizon sauro a jikin mai ciki ba lallai ne ya zo da zafin jiki ba. Ƙwayoyin cutar kan taru su maƙale a mabiyiya, inda ɗan tayi ke samun abincinsa. Uwa tana daka tana shara, amma jininta yana raguwa, abin da ke cikinta kuma ba ya ƙoshi. Wani lokaci ko gwajin jinin yatsa ba ya nuna su. Ƙarshenta a haifi jariri bai kai kilo biyu da rabi ba, ko bakwaini, ko a yi ɓari. Mai cikin fari ta fi kowa shiga wannan haɗari, kuma ita ce kunya ke sa ta ɓoye cikin.

Shi ya sa ake ba da maganin rigakafi a wurin awo, wanda muka fi sani da Fansida. Ƙwaya uku ake haɗiya lokaci guda, a gaban ma'aikaciyar jinya. Ana farawa daga mako na 13, wato da ciki ya shiga wata na huɗu, a maimaita bayan kowane wata har haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla sau uku. Yanzu ku lissafa: wadda ta fara awo a watan huɗu za ta iya sha sau biyar ko shida. Wadda aka kai a watan takwas fa? Sau ɗaya, in an yi sa'a sau biyu, bayan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Masu cewa maganin yana zubar da ciki, don Allah su daina. Watanni ukun farko ne ba a ba da shi, ma'aikata kuma sun san haka. Mai shan Seftirin kullum saboda cutar HIV, da wadda jikinta ba ya karɓar irin wannan magani, su ma ba a ba su. Abin da ke gare su shi ne su faɗa a wurin awo.

A watannin farkon nan kuwa, gidan sauro mai magani shi ne kariyarta. Kowane dare, ko da zafi, ba a naɗe shi a akwati ko a rufe rumfar kaji da shi ba.

Idan kuma zazzaɓi ya kama ta, ba Fansidar kemis za a ƙaro mata ba. A kai ta gwaji a ranar, a ba ta maganin da ya dace da watannin cikinta.

Ku kuma asibitocin da ke cewa "magani ya ƙare, a saya a waje", ko ku miƙa ƙwayar a leda don babu ruwan sha a ɗakin awo, haba! Matar da ta samu izini da kuɗin mota da ƙyar, ku bar ta ta koma gida ba ta haɗiya ba?