Sau Nawa a Littafi, Sau Nawa a Banki, Sau Nawa a Sito?

[Hoto: waya a hannu, an ja jan layi a kan wasu kuɗaɗe a sitatimen na banki]

Tun da aka shiga sabuwar shekara ake ta turo mini hoto irin wannan. Mai shago ya karɓo sitatimen ɗinsa na wata goma sha biyu, ya zagaye duk inda ya ga dubu ɗari uku cif ko dubu ɗari biyar cif, ya rubuto mini: "Malam, ka ga ɓarnar da yaron nan ya yi mini." Wani ma kafin ya turo har ya kira mahaifin yaron.

Alhaji, a dakata tukuna. Jan layin nan tambaya ce kawai, ba a kai ga amsa ba. Tsakanin tambayar da amsar akwai mataki guda da kusan kowa yake tsallakewa, shi za mu zauna a kansa yau.

[Hoto: shagon kayan gini, buhunan siminti, bokitan fenti]

Misalinmu shagon kayan gini ne. Alƙaluman na shirya su ne don koyarwa, amma haka abin yake zuwa a zahiri. Shekarar 2024, layin kuɗin da ya fita 1,240.

Sashen tacewa ba shi da wuya, mu yi sauri. A nemi banki ya ba da sitatimen a Excel. Kwanan wata a B, sunan wanda aka biya a C, adadi a D. A gefe a rubuta wannan, a ja shi har ƙasa:

```
=MOD(D2,50000)=0
```

Duk inda ya ce TRUE, adadin dunƙulalle ne, ba shi da wutsiya. Na biyu kuma na maimaici:

```
=COUNTIFS(C:C,C2,D:D,D2)
```

Abin da ya wuce 1, an biya mutum ɗaya adadi ɗaya fiye da sau ɗaya. Ku lura ban sa kwanan wata a ciki ba, da gangan ne. Biya biyu ba kasafai yake faɗowa rana ɗaya ba, yawanci akwai kwana biyu ko mako a tsakani.

Ga wani ɗan tarko. A 2024 ladan tura abin da ya haura dubu 50 naira 50 ne, da harajinsa ya zama 53.75. Wani akawun yakan haɗe shi da uwar kuɗin a littafi, sai ka ga 300,053.75. Wannan dunƙulalle ne, hula kawai ya sa.

[Hoto: layuka 96 sun rage a allo]

Sun rage 96. A jera su bisa sunan wanda aka biya. Kuɗin haya, albashi, abin da Alhaji yake ɗauka na cefane, adashi. Waɗannan dama haka Allah ya yi su, babu wanda yake biyan hayar shago da kwabo hamsin a ƙarshe. A duba su da yarjejeniya da takardar albashi, a wuce. Saura 11, duka na dilan fenti guda. To, nan za mu rage gudu.

[Hoto: inbois na fenti, a kusa]

Ku dubi takardar nan. Bokiti 37, kowanne 18,500, ya kama 684,500. Dilan yana sa VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, wato 51,337.50. Jimla 735,837.50. Kuɗin kaya haka yake fitowa, yawa sau farashi, sai haraji, shi ya sa yake da wutsiya. Saboda haka idan aka tura wa dila kuɗi cif, dole a tambayi dalili.

Amma dalilin sau da yawa yana nan, kuma kowane ɗan kasuwa ya san shi. Bashi ake ɗauko kaya. Ciniki ya yi kyau ranar Litinin, a ce "tura masa ɗari uku ya rage zafi." Bayan mako a ƙara ɗari uku. Wannan ba laifi ba ne, haka kasuwa take tafiya daga Sabon Gari har Ƙofar Ruwa. Abin da nake nema shi ne biyan ƙarshe, wanda ya rufe lissafin. Ɗari uku da ɗari uku, saura 135,837.50. Idan na ga wannan adadin a sitatimen, hankalina ya kwanta, domin wutsiyar ta fito.

Mu duba abin da ke nan.

[Hoto: layuka uku: 300,000, 300,000, 150,000]

Na ukun 150,000 ne. Jimla 750,000, an haura takarda da 14,162.50. Ba wani kuɗi ba ne, na sani. Wataƙila an bar shi ne ya shiga lissafin kaya na gaba. To sai mu ga an cire shi daga biya na gaba. An cire? Ba a cire ba. Haka abin ya maimaitu a inbois huɗu cikin shekarar, kullum sama ake cikawa, ba a taɓa cikawa ƙasa ba. Kuskure na gaskiya yakan faɗi ta ko'ina, yau sama gobe ƙasa. Wanda kullum gefe ɗaya yake karkata, shi ne yake tsayar da ni.

Daga nan ba yaron shago zan kira ba. Dilan zan nema ya bugo nasa lissafin na shekara: abin da ya ba mu, abin da ya karɓa. Sannan in gwada lambar asusun da aka tura kowane kuɗi da wadda ke jikin inbois. Suna yakan yi kama, lamba goma ba ta kama.

[Hoto: layuka biyu masu 412,000, 14 ga Maris da 17 ga Maris]

Yanzu maimaici, inda aka fi yin kuskure. Siminti buhu 40 a kan 10,300, ya kama 412,000. Ya fito sau biyu, dila ɗaya, kwana uku tsakani. Mutane suna ganin haka sai su goge ɗaya, ko su ce an sace ɗaya. Kada a taɓa komai tukuna. A ɗauko abu uku a ajiye a tebur: littafin shago, sitatimen na banki, da littafin sito ko webil ɗin da direba ya kawo. A ƙirga sau nawa abin ya fito a kowanne.

[Hoto: hannu yana rubuta 2, 2, 2]

Biyu a littafi, biyu a banki, biyu a sito. Mota biyu ta sauke, kowacce da webil ɗinta da sa hannun mai sito. Shagon da ke sayen buhu 40 duk bayan 'yan kwanaki dole adadin ya riƙa maimaituwa. Babu komai a nan.

[2, 1, 1]

Biyu a littafi, ɗaya a banki, ɗaya a sito. Kuɗi sau ɗaya ya fita, rubutu ne aka yi sau biyu. Yawanci haka yake faruwa: an rubuta ranar da inbois ya zo, an sake rubutawa ranar da alat ya shigo. Ba a yi asarar ko sisi ba, amma ribar shekara ta ragu da 412,000 a takarda, kuma da wannan takardar ake raba riba da abokin tarayya, da ita ake lissafin haraji. Sai dai a duba abu ɗaya: rubutu na biyun, ta banki aka ce an biya ko tsaba? Idan an rubuta tsaba, kuma kuɗin durowa na ranar ya ragu da daidai wannan adadin, to maganar ta canza. An yi amfani da tsohon inbois an rufe gurbin kuɗin da aka ɗauka.

[2, 2, 1]

Biyu a littafi, biyu a banki, ɗaya a sito. Wannan shi ne biya biyu na gaske: kuɗin mota biyu, kayan mota ɗaya. A dubi lambar inbois ɗin da kyau. Ɗaya 0457, ɗaya 457, ko 457A, ko na biyun hoto ne da aka turo ta WhatsApp aka buga. Ni a ra'ayina bai kamata a biya kowa da hoton inbois ba sai an buga wa na asalin hatimin "an biya", amma na san ranar da kasuwa ta cika ba kowa ke tsayawa ba.

Kafin a ce an yi asara, a gangara ƙasa a ɓangaren kuɗin da ya shigo. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi a ƙasar nan ya san labarin: an cire, bai je ba, dila yana ta kira, ka sake turawa, bayan kwana biyu banki ya maido na farko. Zai fito da alama irin RVSL ko REV, da adadin daidai. Idan yana nan, bankin ɗaya ne ba biyu ba, akawu ne bai rubuta dawowarsa ba.

A misalinmu mun gangara har ƙarshen Afrilu. Bai dawo ba.

[Hoto: rasit biyu na tiransifa gefe da gefe]

Sai a ɗauko rasit ɗin biyu. Tiransifa tsakanin bankuna tana da lambarta, Session ID, mai alƙaluma 30. Idan lambar ɗaya ce, tiransifa ɗaya ce aka nuna sau biyu. Idan ta bambanta, sau biyu aka tura. Ku yi hattara da Excel a nan: alƙaluma 15 kawai yake riƙewa a lamba, sauran ya mayar da su sifili, sai lambobi mabambanta su koma iri ɗaya. A mayar da gurbin Text kafin a liƙa, ko kuma, tunda layuka kaɗan ne suka rage, a karanta ƙarshen lambar da ido daga rasit ɗin kansa.

Namu sun bambanta. An tura sau biyu, kuma duka biyun asusun dilan na gaskiya suka shiga. Na farko Alhaji ne ya tura daga wayarsa yana hanya. Na biyun akawu ne ya tura ranar Lahadi, bai san an biya ba. Kun ga babu ɓarawo a wannan layin. Da an kori yaro a kansa, an ɗauki alhaki, kuma kuɗin yana can zaune a wurin dila, ba wanda ya tambaya.

[Hoto: takarda mai layi huɗu: kwanan wata, adadi, abin da aka gani, takardar da ta rage]

Haka ake rubuta rahoton. Layin siminti: an biya inbois 0457 sau biyu, 14 da 17 ga Maris, webil ɗaya, a nemi dila ya maido 412,000 ko ya ba da buhu 40. Layin fenti: rarar biya a inbois huɗu, ana jiran lissafin dila da lambobin asusu, ba a ambaci sunan kowa ba sai sun iso.

[Hoto: Alhaji ya ɗauki waya, rasit biyu a gabansa]

"Assalamu alaikum, Alhaji, ya kasuwa? Don Allah a duba mana littafin Maris na bara. Zan turo maka rasit biyu yanzu."