Sharhi: Daga buga ƙofa zuwa shaƙe wuya

"Malam, maigidana yana da saurin hushi. In ya hasala sai tsawa da buga ƙohwa har diya su ɓoye. Bai taɓa marina ba, amma makon jiya ya tare ni bakin ɗaki ya riƙe min wuya, sannan ya saki ya ba ni haƙuri. Inna ta ce halin maza ne. In ci gaba da haƙuri?"

Jama'a masu sauraro, saƙon wata baiwar Allah ke nan daga unguwar Mabera a Sakkwato. 'Yar'uwa, ina girmama Inna, amma wannan ya wuce halin maza.

Fushi kowa na yi. Magidanci zai dawo daga kasuwa a zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, ba wuta, aljihu ba nauyi, ya ɗaga murya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ba daidai ba ne, amma idan ya huce ya ji kunya ya gyara, kuma ba wanda ke jin tsoronsa a gidan, wannan ana zama a yi maganinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta.

Abin dubawa shi ne yadda gida ke zama. Idan yara sun ji ƙarar babur ɗinsa sai wasa ya tsaya cak, ke kuma ki hau duba tukunya da tsakar gida kina neman abin da zai tayar da shi, to tsoro ya riga ya shiga gidan. Ki kuma lura da abin da yake fasawa. Wayarsa ce, ko taki? Yana yi wa maigidansa na wurin aiki irin wannan tsawar? Mutumin da ke iya haɗiye fushinsa a gaban manya ya ajiye shi sai ya shigo gida, ba zuciya ce ta fi ƙarfinsa ba, ya san inda yake sauke ta.

Sai maganar wuya, wadda ita ta fi tayar min da hankali. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa a gefen wuya suke, kuma matsa su na kamar daƙiƙa 10 ya isa mutum ya suma. Sau da yawa ba a ganin tabo ko kaɗan, shi ya sa dangi ke cewa ai bai yi mata komai ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta ya ninka kusan sau 7. Saboda haka ki je asibiti ko da mako ya wuce, ki faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, ya rubuta. In murya ta dushe, ko haɗiye yawu na yi miki wuya, ko kin ga ɗigon ja a farin ido, ko jiri da sarƙewar numfashi, kada ki kwana, ki tafi asibitin Specialist ko asibitin koyarwa na UDUTH nan take, domin kumburin cikin maƙogwaro yakan biyo baya ne.

Shawarata, kada ki jira na biyu. Ki sanar da waliyyinki ko wani babba da zai tsaya miki, ki faɗa masa da bakinki cewa shaƙe ki aka yi, kada ki ce saɓani ne kawai. Ki ajiye ɗan kuɗin mota, katin asibiti da takardun yara wurin maƙwabciyar da kika amince da ita. In rigima ta tashi, ki nisanci madafa inda wuƙa da taɓarya suke, ki tsaya kusa da hanyar zaure. Kuma kada ki ce masa za ki tafi alhali ku biyu ne a ɗaki yana cikin fushi, don lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari. Ki bari sai kin isa gidanku, manya su kira shi.

In za a yi sulhu, kada ya tsaya a "ki yi haƙuri ki koma ɗakinki". A sa sharaɗi a gaban shaidu, shi ma ya nemi taimako a kan fushinsa. In ya ƙi, akwai hukuma. Jihar Sakkwato ta sa hannu a dokar hana cin zarafi ta VAPP a 2021, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, alƙali na da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata. Abin da zai nema shi ne hujja, wato takardar likita, hoton ƙofar da aka fasa, da maƙwabtan da suka ji ihun. Ki fara tara su tun yau, ki ajiye su a wajen gidan.