Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke zaɓar labarin da zai hau shafin farko?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Mai'adua. Kullum abubuwa na faruwa a ƙauyukanmu, ba a jin ɗuriyarsu a jarida, amma babban mutum ko tari ya yi sai a buga. Da wane ma'auni kuke auna labari? Ko dai wanda ya biya ake bugawa?"

Mai gabatarwa: Wasiƙarmu ta farko ke nan a yau daga nan Katsina. Malam, kai da ka daɗe a kan teburin edita, bismillah.

Edita: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari mu ɗauki rana guda mu gwada, ranar da mutanen Daura ba za su manta ba. Lahadi, 13 ga Yuli, 2025, tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan da misalin ƙarfe 4:30 na yamma, yana da shekara 82. A wannan ranar kuma Awujale na ƙasar Ijebu, Oba Sikiru Adetona, ya rasu yana da shekara 91, bayan shekara 65 a kan karaga. Da dare kuma Chelsea ta ci PSG 3 da nema a wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta duniya. Ga labari uku, shafin farko kuwa babban kanu ɗaya yake ɗauka, da babban hoto ɗaya, sai 'yan ƙananan kanu a gefe ko a ƙasa.

Da gari ya waye ranar Litinin, rasuwar Buhari ce ta mamaye shafukan farko. Ba sai editoci sun yi shawara da juna ba, domin labarin ya haɗa kusan duk abin da ake nema. Sabo ne, yana da rana da sa'a. Ba ya buƙatar dogon bayani, kalma biyu sun isa kanu. Mutumin sananne ne, ya mulki ƙasar nan da kaki daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, ya dawo da ƙuri'a daga 2015 zuwa 2023. Sannan labarin na da gobe: yaushe za a kawo gawa, wa zai rako ta, ina za a binne. Edita na son labarin da ya san zai ci gaba da shi, kuma haka aka yi, har aka yi jana'iza a Daura ranar Talata, 15 ga wata.

Darasin yana wajen Awujale. Basaraken da ya hau mulki a 1960, tun kafin a ba ƙasar nan 'yanci, da a wata rana ya rasu, shi zai zama babban kanu a jaridun Legas da Ibadan ba gardama. Darajarsa ba ta ragu ba, abokin karawa ya samu a ranar. Labari ba shi da nauyi na dindindin, da abin da ya faɗo tare da shi ake auna shi. Kuma ko a ranar, editan da masu karatunsa ke Ijebu-Ode da editan da masu karatunsa ke Funtuwa ba za su ba shi fili iri ɗaya ba. Wannan shi ake kira kusanci, na wuri da na zuciya.

Mai gabatarwa: Ƙwallon fa, Malam? Matasa sun fi zancenta a majalisa.

Edita: Tana da gidanta a shafin baya. Ga kuma matsalar agogo: sai wajen ƙarfe 10 na dare agogon Najeriya aka tashi wasan, jaridar da za a yi doguwar tafiya da ita a mota kuwa da wuri ake rufe ta.

Mai gabatarwa: To mu koma kan ƙauyukan da ya ce ba a jin ɗuriyarsu.

Edita: Nan ne ma'aunin ke da nakasu, kuma ba yau aka gano ba. A 1965 wasu masana biyu a Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, sun nazarci yadda jaridu huɗu na ƙasarsu suka ba da labarin rikicin Kwango da Kyuba da Kubrus, suka fitar da dalilai 12 da ke sa abu ya zama labari. Na farko a jerinsu shi ne tsawon lokacin da abin ke ɗauka. Abin da ya fara ya ƙare tsakanin fitowar jarida da fitowar ta gaba, shi ke shiga. Abin da ke cin mutane sannu a hankali ba shi da ranar da za a ce yau ya faru.

Ga misali a gida. A ƙarshen wancan watan Yulin na 2025 dai, ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Raba 652 da kwana 181, za ka samu yara uku zuwa huɗu a kowace rana. Ke nan a ranakun da jaridu ke cike da wasu labarai, abin na faruwa, amma ba wanda ya buga shi a matsayin labarin ranar. Sai da aka tara adadin, aka sa masa kwanan wata, wata ƙungiya mai suna ta tsaya a kansa, sannan ya zama kanu. Ni a ganina wannan gazawar 'yan jarida ce. Galtung kansa ya sha faɗa cewa jerin nasu gargaɗi ne, sai aka mayar da shi littafin koyarwa.

Saboda haka, Malam, idan kana son abin ƙauyenku ya shiga, kada ka rubuto cewa ana shan wahala. Ka faɗi ranar, da sunan ƙauyen, da adadin da ka ƙirga da kanka: rijiya nawa ta ƙafe, aji nawa iska ta yaye wa rufi, yara nawa ke zaune a ƙasa. Ka haɗa da hoto, da mutum biyu da za su yarda a kira su, da ofishin da abin ya rataya a wuyansa don a ji ta bakinsa. Sau da yawa labarin ƙauye na mutuwa ne domin wakili ɗaya ke riƙe da jiha mai ƙananan hukumomi 34, kuma ba ya buga abin da bai tabbatar ba.

Mai gabatarwa: Ya kuma ce ko sai an biya.

Edita: Akwai na biya, ba zan ɓoye ba, kuma ana gane shi. Ka jera jaridu uku na rana ɗaya, daga masu gidaje daban-daban, misali ɗaya ta Abuja, biyu na Legas. Abin da ya hau duka ukun da kalmomi mabambanta, labari ne. Abin da ya fito a biyu da jimloli iri ɗaya, har waƙafi bai canza ba, sanarwa ce aka aiko daga ofis aka zuba ta yadda take. Idan kuma yabo ne zalla, murya ɗaya, babu sunan wakili, ga tallan taya murna na mutumin a shafukan ciki, to ka duba saman shafin ko ƙasansa da kyau. Wani lokaci akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke nuna talla ce.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Wasiƙa ta gaba daga wata baiwar Allah ce a Ƙofar Ƙaura, za mu karanta ta bayan wannan 'yar sanarwa.