Imel ɗin bai faɗi kayan da za ka sa ba, to yaya ke nan?

Tun satin da ya wuce ake ta turo min tambaya ɗaya: banki sun kira ni intabiyu, imel ɗin ya ce a zo cikin shiga mai kyau kawai, ko ma bai ce komai ba, me zan sa? Har wani ya ce shi ya je reshen bankin da kansa ya ga ma'aikata cikin tishat da jins, saboda haka shi ma haka zai je. To ɗan'uwana dakata tukuna, nan ne ake yin kuskuren.

Zuwa leƙen ba laifi ba ne, dabara ce ma. Amma wace rana ka je? In Juma'a ce to abin da ka gani ba zai yi maka amfani ba, domin bankuna da yawa a ranar suke sassauta wa ma'aikata, ka ga kowa da rigar da ke da tambarin banki. Ka koma ranar Talata ko Laraba da safe. Kuma ba kowa za ka kalla ba, ka kalli mai irin aikin da kake nema. In kashiya kake nema ka kalli na bayan kanta, in aikin hulɗa da manyan kwastomomi ne ka kalli waɗanda ke shiga ofishin manaja.

Shiga tana da matakai uku. Na farko shat da wando, na biyu an ƙara nektai, na uku an ɗora kwat. Duk matakin da ka ga ma'aikatan suna kai, kai sai ka hau ɗaya a sama. Su sun riga sun samu aikin, kai nema kake, kuma wanda zai yi maka tambayoyi yana auna ko zai iya zaunar da kai gaban mutumin da ya kawo kuɗinsa ajiya. Ga kuma lissafi mai sauƙi, in ka shigo da kwat ka tarar kowa shat ne a jikinsa, cirewa za ka yi ka rataya a hannu, magana ta ƙare, amma in ka shigo da tishat ka tarar da mutum huɗu cikin kwat suna kallonka, a ina za ka samo a lokacin? Shi ya sa in ba ka samu damar leƙawa ba gaba ɗaya, ka tafi da na ukun nan. Ko ka mayar wa wanda ya turo imel ɗin amsa ka tambaye shi, layi ɗaya, babu wanda zai rage maka maki don ka tambaya.

Kala kuwa ba sai mun daɗe ba. Shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu, shat fara ko mai ruwan sararin sama. Ni dai baƙar kwat ba ta burge ni, ƙura kaɗan ta hau sai ta tona maka asiri.

Yanzu zuba ido a kafaɗar kwat ɗinka. Ɗinkin ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare, in ya zarce to kowa zai gane ta aro ce, kuma kafaɗa ita ce tela ke shan wahalar gyarawa, hannu da tsawon wando kam aikin yini ɗaya ne. Hannun shat ya leƙo kamar santimita 1, bakin nektai ya taɓa kan bel, maɓallin ƙasa na kwat a bar shi buɗe. Wannan ɗan ƙyallen mai sunan kamfani da ke bakin hannun sabuwar kwat, don Allah a cire, da zaren da aka ɗaure tsagar baya da shi. Ni kaina na taɓa yini guda da nawa a ɗinke, babu wanda ya gaya min.

'Yan'uwa mata, ƙa'idar ɗaya ce: kwat da siket ko wando masu duhu, in kina rufe kai ki zaɓi ƙyalle mara ado, takalmin da za ki iya hawa bene da shi. Awarwaro masu ƙara a bar su a gida, turare kuma kaɗan, ɗakin intabiyu yawanci a rufe yake.

Kwana biyu kafin ranar ka sa kayan duka har takalmi, ka zauna kan kujera gaban madubi, tunda a zaune za su fi ganinka. In safa ta gaza har ƙwauri ya fito, ko shat ta buɗe tsakanin maɓallai, kana da sauran lokacin canzawa.